Abin da ake rubuta wa wanda zai gaji umarnin rahoto

Tambaya: An mayar da ni wani sashe, kuma nan da mako biyu zan miƙa wa wata abokiyar aikina umarnin SQL da nake fitar da rahoton cinikin wata-wata da shi. Ta iya SQL sarai, kuma umarnin bai kai layi ashirin ba. Me zan rubuta mata a takardar miƙa aiki wanda ba za ta iya gani da kanta a cikin umarnin ba?

Amsa: Malam, umarni yana nuna abin da yake yi, amma ba ya nuna ko da gangan yake yin sa. Idan abokiyar aikinka ta ga wani sharaɗi da ke zubar da layuka ɗari biyu kowane wata, za ta fahimci yadda yake zubar da su, sai dai ba ta da hanyar sanin ko shugabannin sashen kuɗi ne suka ce a yi haka, ko kuwa kuskure ne da ya daɗe har kowa ya saba da sakamakonsa. Waɗannan abubuwa biyu kamanninsu ɗaya ne a kan allo, amma hukuncinsu ya sha bamban, domin na farko idan ta taɓa shi ta ɓata rahoton, na biyu kuma idan ta bar shi ta ci gaba da yaɗa lissafin da ba daidai ba. Aikin takardarka shi ne ta raba mata su. A kan kowane sharaɗi da kowane zato, takardar ta faɗi dalilin da ya sa yake wurin, wanda ya yanke shawarar, yawan layukan da yake shafa, da kuma alamar da za ta gani idan ya daina aiki yadda aka tsara.

Tun da ban ga umarninka ba, bari mu ɗauki wani mai kama da shi mu bi shi daki-daki. A ɗauka cewa rumbun bayanan PostgreSQL ne, kuma rahoton yana nuna yawan oda da jimillar kuɗin da aka biya a kowane reshe.

```sql
SELECT o.branch_id,
       COUNT(DISTINCT o.id) AS orders,
       SUM(p.amount)        AS paid
FROM orders o
JOIN payments p ON p.order_id = o.id
WHERE o.created_at >= :start_utc
  AND o.created_at <  :end_utc
  AND o.status <> 'cancelled'
  AND o.customer_id NOT IN (101, 102, 417)
  AND p.state = 'settled'
GROUP BY o.branch_id;
```

Duk wanda ya iya SQL zai karanta wannan cikin minti ɗaya ya ce ya gane. Amma a cikinsa akwai shawarwari da yawa da wani ya yanke bai rubuta ba, kuma akwai abubuwa biyu da yake yi waɗanda mai yiwuwa ko marubucinsa bai yi niyyarsu ba.

Ka fara takardar da tambayar da rahoton yake amsawa, cikin jimla ɗaya ko biyu da manajan da bai san SQL ba zai karanta ya ce i ko a'a. Kalmar ciniki ba ta isa ba, domin a ofis ɗaya za ka samu mutum uku kowanne da abin da yake nufi da ita: wani yana nufin odar da aka karɓa, wani yana nufin kayan da suka fita, wani kuma kuɗin da ya shigo asusu. A misalinmu jimlar da ta dace ita ce: rahoton yana nuna odar da aka buɗe a cikin watan, waɗanda ba a soke ba kuma aka tabbatar da aƙalla biya ɗaya a kansu, tare da jimillar abin da aka biya a kansu har zuwa lokacin da aka gudanar da umarnin. Daga nan ka faɗi wanda ke karɓar rahoton, ranar da yake jiransa, da abin da yake yi da shi. Wannan na ƙarshe yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin rahoton da ake lissafa ladan ma'aikata da shi ba a canza masa ko da waƙafi sai an sanar, alhali wanda ake dubawa don sanin yanayin kasuwa kawai yana jure ɗan bambanci.

Abu na biyu shi ne ka faɗi abin da layi ɗaya yake wakilta, a sakamakon ƙarshe da kuma a tsakiyar aikin. A ƙarshe layi ɗaya reshe ɗaya ne. Amma bayan an haɗa `orders` da `payments`, kafin a tara, layi ɗaya biya ɗaya ne, ba oda ɗaya ba, kuma oda ɗaya tana iya samun biya biyu ko uku idan kwastoma ya biya kashi-kashi. Shi ya sa aka rubuta `COUNT(DISTINCT o.id)` maimakon `COUNT(*)`. A yanzu umarnin yana ba da lissafi daidai, sai dai akwai tarko a ɗane ga duk wanda zai ƙara masa wani abu. Ba da jimawa ba wani manaja zai roƙi a ƙara jimillar darajar oda, abokiyar aikinka kuma za ta rubuta `SUM(o.total)`, umarnin ya gudana ba tare da wani ƙorafi ba. Odar da darajarta 900 ce, aka biya ta sau uku 300-300, za ta bayyana a layi uku, kowanne ɗauke da 900, jimillarta ta zama 2,700. Tun da yawancin oda biya ɗaya gare su, ƙarin da zai shiga jimillar wata ba zai yi yawan da ido zai kama nan take ba, kuma irin wannan kuskure yana iya yin watanni yana tafiya. Jimla ɗaya a takardarka ta isa ta hana shi: duk wani adadi da aka ɗauko daga teburin `orders`, a tara shi daban kafin a haɗa da `payments`, ko kuma a fara tara biya zuwa layi ɗaya ga kowace oda.

Maganar lokaci ce ya kamata ka fi daɗewa a kanta, domin a nan ne rahotanni biyu masu gaskiya suke saɓa wa juna har a yi ta jayayya. Akwai tambayoyi uku a ciki da sukan cuɗe. Ta farko ita ce wace rana ce take yanke watan da oda ta faɗa. Umarninmu yana amfani da `o.created_at`, wato ranar da aka buɗe odar, ba ranar da aka biya ba. Odar da aka buɗe ranar 30 ga Maris aka biya ranar 4 ga Afrilu, ta Maris ce a wannan rahoto, amma a littafin sashen kuɗi, wanda ke bin ranar shigowar kuɗi, ta Afrilu ce. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, amma idan ba ka rubuta wannan ba, ranar da aka kira abokiyar aikinka aka ce lissafinta bai yi daidai da na sashen kuɗi ba, za ta shafe yini tana neman ɓarakar da babu ita.

Tambaya ta biyu ita ce da wane agogo aka rubuta lokacin. Rumbunan bayanai da yawa suna adana lokaci bisa UTC, alhali masu karanta rahoto suna tunani da agogon wurin da suke. A ɗauka cewa agogon kamfanin yana gaba da UTC da awa 2. Watan Maris na 2024 a wurinsu ya fara ne da ƙarfe 22:00 na ranar 29 ga Fabrairu bisa UTC, ya ƙare da ƙarfe 22:00 na ranar 31 ga Maris. Waɗannan su ne ƙimomin da ake sa wa `:start_utc` da `:end_utc`, kuma ya kamata ka rubuta su haka ƙarara a matsayin misali, domin sunan kawai ba ya gaya wa mutum cewa sai ya ja baya da awa 2. Wanda ya sa tsakar daren UTC zai rasa odar awa biyun farko na watan, ya kuma kwaso na awa biyun farko na watan da ke biye. Ka faɗi kuma nau'in gurbin, ko `timestamp` ne ko `timestamptz`, domin na farko ba ya ɗauke da wani bayani game da agogon da aka rubuta shi da shi, kuma sanin cewa UTC ne yana cikin kanka kaɗai. Idan wurin yana cikin ƙasashen da ake matsar da agogo gaba da baya a shekara, tazarar ba ta tsaya a awa 2 ba, kuma wannan ma sai an rubuta.

Ta uku ƙarama ce, amma ta cancanci layi biyu. Ka bayyana dalilin da ya sa aka yi amfani da `>=` da `<` maimakon `BETWEEN`, domin masu son gajarta umarni sukan mayar da shi haka da kyakkyawar niyya. Idan aka rubuta `BETWEEN '2024-03-01' AND '2024-03-31'` a kan gurbin da ke ɗauke da rana da lokaci, iyakar sama tana tsayawa a farkon ranar 31, daidai tsakar dare, sai duk cinikin wannan yini ya faɗi waje. Alamarsa ita ce rahoton ya ragu da kimanin cinikin kwana ɗaya, kuma oda ta ƙarshe da ke cikinsa ta kasance ta ranar 30.

Daga zaɓen ranar buɗe oda ne wata ɗabi'ar rahoton ta samo asali, wadda takan tayar da hankalin sabon mai riƙe da aiki: lissafin watan da ya wuce ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun da sharaɗin `p.state = 'settled'` yana duba halin da biya yake ciki a lokacin da aka gudanar da umarnin, duk odar Maris da aka tabbatar da kuɗinta daga baya za ta shigo lissafin Maris idan aka sake gudanarwa. A misalinmu, a ce an gudanar ranar 2 ga Afrilu an samu oda 11,200, aka sake gudanarwa ranar 20 ga Afrilu aka samu 11,390, saboda an tabbatar da biyan oda 190 a tsakani. Haka kuma odar da aka soke bayan an fitar da rahoto za ta ɓace daga cikinsa. Takardarka ta faɗi wannan a fili, ta faɗi ranar da aka amince a riƙa gudanarwa, ta kuma faɗi inda ake ajiye kwafin abin da aka aika kowane wata. Wannan kwafi ne hujja idan aka zo tambaya, domin umarnin ba zai iya sake fitar da lissafin ranar 2 ga Afrilu ba bayan bayanan sun motsa.

Yanzu sai sharuɗɗan tacewa. Lambobi uku da ke cikin `NOT IN (101, 102, 417)` su ne misali mafi bayyana na abin da umarni ba zai taɓa iya faɗa da bakinsa ba. Babu ƙwarewar da za ta sa mutum ya san su wane ne waɗannan. Ga irin abin da nake so in gani a takarda game da su, kuma ka lura da yadda kowace jimla take amsa wata tambaya da za a yi nan gaba:

"Lamba 101 da 102 asusun gwaji ne da masu kula da manhajar sayarwa suke amfani da su idan suna gwada sabon tsari, kuma odar da ke kansu ba ta gaskiya ba ce. Lamba 417 asusun da rassa ke amfani da shi ne idan suna tura wa juna kaya, kuma shugaban sashen kuɗi ne ya ce a cire shi domin ba ciniki ba ne, saƙonsa yana cikin fayil ɗin rahoton. Su ukun sukan kai oda 80 zuwa 100 a wata. Babu wanda ke sanar da mu idan an buɗe sabon asusun gwaji, saboda haka kowane wata a duba kwastomomi goma da suka fi yawan oda, idan an ga baƙon suna a tambayi masu kula da manhajar."

Ka ga jimla ta ƙarshe tana faɗin inda sharaɗin yake da rauni. Jerin lambobin da aka rubuta da hannu yana tsufa ba tare da ya yi ƙara ba, kuma mai gadon aiki yana bukatar sanin wanda zai tambaya da abin da zai duba.

A cikin wannan layi ɗaya kuma akwai abu na farko daga cikin biyun da na ce mai yiwuwa ba a yi niyyarsu ba. Idan wasu oda ba su da lambar kwastoma, wato gurbin `customer_id` yana ɗauke da `NULL` saboda mai sayen bai yi rajista ba, to `NOT IN` zai zubar da su duka. Dalili shi ne a SQL kwatanta `NULL` da kowace ƙima ba ya ba da gaskiya ko ƙarya, yana ba da amsar da ba a sani ba, kuma `WHERE` ba ya barin layi ya wuce sai amsar ta zama gaskiya. Na biyun shi ne yadda `o.status <> 'cancelled'` yake zubar da duk odar da gurbin `status` nata babu kome, ko da yake ba a soke ta ba. Wanda ya karanta layin da idon yau da kullum zai ɗauka cewa odar da aka soke kaɗai ake cirewa. A PostgreSQL ana kauce wa wannan da `IS DISTINCT FROM`, amma gyaran ba shi ne abin da nake so ka fi mayar da hankali a kai ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da za ka yi idan ka gano irin wannan a makonka na ƙarshe. Shawarata ita ce kada ka gyara shi a ɓoye ka tafi. Rahoton da ya yi shekara yana cire masu saye marasa rajista, idan ya fara haɗawa da su dare ɗaya, lissafin zai yi tsalle a daidai watan da aiki ya canza hannu, kuma kowa zai ɗora laifin a kan sabuwar mai riƙe da shi. Ka auna girman abin, ka rubuta shi a takardar a ƙarƙashin abubuwan da ba a yanke hukunci a kansu ba, ka kai wa mai rahoton ya zaɓa: ko a gyara daga wata mai zuwa a sanar da kowa, ko a gyara a sake lissafa watannin baya domin kwatanci ya yi daidai, ko a bar shi a rubuta a ƙasan rahoton cewa ba a haɗa da su ba. Kowanne daga cikin ukun yana iya zama daidai, amma ba mai rubuta umarni ne ke da ikon zaɓa shi kaɗai ba.

Haɗin teburan ma sharaɗin tacewa ne, ko da yake ba ya cikin `WHERE`. `JOIN` na yau da kullum yana barin odar da ke da abokin haɗi a `payments` kaɗai, saboda haka odar da ba a biya kome a kanta ba ba ta shiga ko da a ƙidayar oda, kuma reshen da bai samu biya ko ɗaya ba a watan zai ɓace daga rahoton gaba ɗaya maimakon ya bayyana da sifili. Ka gargaɗe ta kuma cewa mayar da shi `LEFT JOIN` kawai ba zai dawo da su ba muddin `p.state = 'settled'` yana cikin `WHERE`, domin layukan da ba su da biya za su zo da `NULL` a wannan gurbi, sharaɗin kuma ya sake zubar da su. Sai an matsar da sharaɗin zuwa cikin `ON` sannan canjin zai yi aiki.

Duk waɗannan bayanai suna zama zance ne kawai har sai ka haɗa su da adadi, kuma a ganina wannan shi ne sashen da ya fi kowanne daraja a takardar. Ka zaɓi wata ɗaya da ya wuce, ka fara da dukan odar da ke cikin iyakar lokacin, ka riƙa ƙara sharaɗi ɗaya-ɗaya kana rubuta abin da ya rage. A misalinmu na Maris 2024, kamar yadda aka gudanar ranar 2 ga Afrilu, a ce an fara da oda 12,480. Waɗanda aka soke 615 ne, saura 11,865. Waɗanda `status` nasu babu kome 38 ne, saura 11,827. Asusun nan uku sun ɗauke 94, saura 11,733. Marasa lambar kwastoma 210 ne, saura 11,523. Waɗanda ba a tabbatar da biyansu ba 323 ne, saura 11,200, kuma wannan shi ne adadin da ya fita a rahoton. Ka rubuta jerin da ka bi wajen cirewa, domin oda ɗaya tana iya faɗawa cikin rukuni biyu, kuma idan aka sauya jerin adadin kowane mataki zai ɗan canza ko da yake na ƙarshe ba zai canza ba.

Amfanin wannan lissafi yana fitowa ne a ranar da wani abu ya lalace. A ce bayan wata huɗu rahoton ya faɗi ƙasa ba zato. Abokiyar aikinka za ta sake bin matakan nan, ta tarar cewa marasa `status` da a da ba su wuce arba'in ba sun kai dubu ɗaya da wani abu, nan take ta san cewa an canza wani abu a manhajar da ke rubuta oda, ba ciniki ne ya ragu ba. In babu adadin da ka bar mata, za ta ga dubu ɗaya ba ta san ko haka aka saba ba. Ya kamata ka haɗa mata da ƙananan umarnin dubawa da za ta gudanar kafin ta aika rahoto. Mafi amfani a cikinsu shi ne wanda ke nuna duk ƙimomin da ke cikin gurbin da ake tacewa da shi:

```sql
SELECT status, COUNT(*)
FROM orders
WHERE created_at >= :start_utc
  AND created_at <  :end_utc
GROUP BY status;
```

`GROUP BY` yana tara duk masu `NULL` a rukuni ɗaya ya nuna su, saboda haka ba za su ɓuya ba. Wannan duba yana kama wata matsalar dabam. Sharaɗinmu yana cire kalma ɗaya ce ya bar duk sauran, saboda haka ranar da masu manhaja suka ƙirƙiro sabon hali, a ce `voided` ko `returned`, zai shige cikin ciniki kai tsaye ba tare da wani ya ba shi izini ba. Ka rubuta jerin halayen da ka sani a yau da ma'anar kowanne, ka ce duk wanda ba ya cikin jerin a tsaya a tambaya kafin a aika.

Akwai kuma abin da rahoton bai ƙunsa ba, wanda ba zai taɓa bayyana a umarnin ba tun da babu layin da ya ambace shi. Idan kuɗin da aka mayar wa kwastoma yana wani tebur dabam kuma ba a cire shi daga `paid` ba, ka faɗa. Idan adadin ya haɗa da haraji ko kuɗin kai kaya, ka faɗa. Idan ana gudanar da umarnin a kan kwafin rumbun da ake sabuntawa sau ɗaya cikin dare, ka faɗi lokacin da sabuntawar take ƙarewa da yadda ake gane cewa ta gaza, wanda sau da yawa duba `MAX(created_at)` ya isa. Haka nan duk wani aikin hannu da kake yi bayan sakamakon ya fito, kamar haɗe rassa biyu da aka game ko gyara sunan wani reshe a takardar lissafi kafin ka aika. Irin waɗannan su ne aka fi mantawa, domin hannu ya saba da su har mutum ya daina ɗaukarsu a matsayin mataki. Hanyar kamo su ita ce ka fitar da rahoton sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe kana rubuta duk abin da ka taɓa, har da wanda kake ganin bai kai a ambata ba.

Game da yadda za ka rubuta, ka raba abin da ka tabbatar da abin da ka gada. Idan ka tarar da wani sharaɗi a umarnin tun kafin ka karɓi aikin kuma ba ka taɓa samun dalilinsa ba, ka rubuta haka, ka faɗi wanda ka tambaya da yawan layukan da yake shafa. Dalilin da aka ƙirƙira don cike gurbi ya fi rashin dalili illa, domin mai karatu zai ɗauke shi a matsayin hukunci ya daina bincike. Ka sa rana a kan kowane adadi da kowace shawara, ka ambaci mutane da muƙaminsu tare da sunansu saboda mutane suna canza wurin aiki. Kada kuma ka cika takardar da fassara umarnin layi-layi zuwa zance, tun da ka ce ta iya SQL. Shafi biyu ko uku sun isa ga umarni irin wannan. Gajerun dalilai, kamar ma'anar lambobin nan uku, ka sa su a cikin fayil ɗin umarnin kansa bayan alamar `--`, domin takarda takan rabu da umarni idan aka kwafe shi zuwa wani wuri, sannan ka ajiye takardar a inda umarnin yake, ka ambaci sigar da take bayani a kai.

Tun da kana da mako biyu, ka gama rubutun a makon farko. A na biyu ka ba ta takardar ta fitar da rahoton watan da ya wuce da kanta, kana zaune kusa ba ka sa baki ba, sannan ku kwatanta abin da ta samu da kwafin da aka aika. Bambancin da ya fito ya kamata ta iya bayyana shi daga takardar kaɗai, kamar odar da aka biya ko aka soke bayan ranar aikawa. Duk inda ta tsaya ta juyo ta tambaye ka, ka ba ta amsa, ka kuma sa ta rubuta amsar a takardar da hannunta kafin ku wuce zuwa mataki na gaba. Ku tabbatar a wannan zama cewa asusunta yana da izinin karanta dukan teburan da umarnin ke taɓawa, kuma idan rahoton yana gudana da kansa a ƙarƙashin asusunka, a mayar da shi sunanta ko na sashen kafin a rufe naka.